Hoton ƙirji a wayar hannu: dalilin da ya sa manhajar hira ba za ta maye gurbin likitan hoto ba

A watan Oktoban 2024, attajirin nan Elon Musk ya yi kira ga masu amfani da shafinsa na X da su riƙa tura wa manhajar Grok hotunan asibiti, har da na eksire, domin ta fassara musu. Tun kafin wannan kira, ChatGPT da Gemini da ire-irensu sun riga sun fara karɓar hotuna, kuma duk wanda ke da wayar zamani da ɗan abin data zai iya ɗaukar hoton fim ɗin da aka ba shi a asibiti, ya tura, ya samu amsa cikin daƙiƙoƙi.

Ga mutumin Gagarawa, ko Sule Tankarkar, ko Maigatari, wannan ba ƙaramin abin jan hankali ba ne. Likitocin da suka ƙware a fassara hoto kaɗan ne a Najeriya, kuma akasarinsu suna manyan asibitocin birane, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mara lafiyar da ya fito daga ƙauye a masarautar Gumel zai iya biyan kuɗin mota da na hoto, a miƙa masa fim a cikin ambulan, amma ya rasa wanda zai rubuta masa bayanin abin da ke ciki a ranar. A irin wannan hali, amsar kyauta da ke cikin aljihu tana da daɗin karɓa.

Sai dai akwai dalilai na zahiri da suka sa wannan amsa ba ta kai a jingina rai a kanta ba. Bayanin da ke tafe ya ɗauki hoton ƙirji da cutar tarin fuka, wato tibi, a matsayin misali, domin Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu wannan cuta, kuma tari mai daɗewa na cikin manyan dalilan da ke kai mutane ɗakin hoto.

Hoton da ya isa manhajar ba shi ne wanda aka ɗauka ba

Matsala ta farko tana faruwa tun kafin manhajar ta ce komai. Na'urar eksire ta zamani tana adana hoto a wani tsari na musamman da ake kira DICOM. A wannan tsari, hoton ƙirji yakan ƙunshi ɗigo dubu biyu zuwa dubu uku a kowane gefe, kuma tsakanin baƙi ƙirin da fari fat yana iya rarrabe matakan duhu da haske har 4,096, wani lokaci ma fiye. Likitan hoto yana duba shi a kan allo na musamman, yana ƙara haske ko rage shi, yana faɗaɗa wurin da ya yi masa shakku.

Hoton da waya ke adanawa kuwa, a tsarin JPEG da aka saba, matakai 256 kawai yake da su tsakanin baƙi da fari. Idan aka ɗaga fim aka fuskanci taga ko ƙwan lantarki, hasken ba ya bazuwa daidai, wani sashe ya yi fari da yawa, wani ya dushe. Inuwar hannu da ƙyallin roba suna shiga. Idan an karkata wayar, siffar zuciya da faɗin ƙirji suna jirkicewa. Idan aka bi da hoton ta WhatsApp, manhajar takan matse shi domin ya yi sauƙin tafiya, ta zubar da wani ɓangare na ƙananan bayanai.

Bayan wannan duka, ita ma manhajar hirar tana sake rage shi. Bayanin da kamfanin OpenAI ya fitar kan yadda samfurin GPT-4 ke karɓar hoto ya nuna cewa ana rage gajeren gefensa zuwa ɗigo 768. Lissafin yana da sauƙi. Faɗin babban fim ɗin ƙirji santimita 35 ne, tsawonsa 43. Idan aka raba santimita 35 gida 768, kowane ɗigo zai wakilci kusan rabin milimita.

Me ya sa wannan ya zama abin damuwa? Akwai wani nau'in tarin fuka mai haɗari da ke bazuwa ta jini, wanda a hoto yake bayyana kamar an watsa ƙwayar gero a cikin huhu. Sunansa na likitanci ma daga kalmar gero ta Latin aka samo shi. Kowane tabo bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. A hoton asali, tabo mai milimita 2 yana iya cin ɗigo goma ko fiye a faɗi. A hoton da aka rage, ɗigo huɗu ne kacal, kuma idan fim ɗin bai cika fuskar wayar ba, ko huɗun ba za su samu ba. Da zarar an haɗa da dushewa da matsewa, ƙwayar geron ta narke ta koma hazo. Abin da bai isa ga manhaja ba, babu yadda za ta gan shi, kuma ba lallai ne ta ce bai iso ba.

Iya magana daban, iya gani daban

Matsala ta biyu tana cikin yadda aka gina manhajar. Waɗannan manhajoji na ƙirƙirarriyar basira an horar da su ne a kan ɗimbin rubutu, domin su iya hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Daga baya aka ƙara musu hanyar karɓar hoto. Sun karanta littattafan likitanci da rahotannin hoto masu yawa, saboda haka sun san yadda rahoton likita yake sauti. Za su iya jero sakin layi mai tsari, da kalmomin fanni a wuraren da suka dace, ko da abin da suka bayyana babu shi a hoton.

Bincike ya nuna wannan giɓi ƙarara. A 2024, masu bincike a asibitin Henry Ford da ke Detroit a Amurka sun gwada GPT-4V da tambayoyin jarrabawar likitocin da ke koyon fassara hoto, suka wallafa sakamakon a mujallar Radiology. A tambayoyin da rubutu ne zalla, manhajar ta ci kashi 81.5 cikin ɗari. A waɗanda sai an duba hoto, ta faɗo zuwa kashi 47.8.

A shekarar dai, wata tawaga daga asibitin Sheba na Isra'ila ta ba wa manhajar hotuna 230 na sashen gaggawa, ta wallafa sakamakon a mujallar European Radiology. Manhajar ta gane irin na'urar da aka ɗauki hoto da ita ba tare da kuskure ba, amma gano ainihin cutar ya tsaya a kusan kashi 35 cikin ɗari. A hotunan eksire, inda ta fi taɓukawa, ta dace a 34 cikin 51, kuma a kusan ɗaya cikin biyar ta ambaci abin da babu shi sam.

Shi kansa kamfanin OpenAI, a takardar bayanin da ya fitar a Satumbar 2023, ya ce bai ɗauki samfurin GPT-4V na wancan lokaci a matsayin wanda ya dace da kowane aikin likitanci ba. Gaskiya ne an fitar da sababbin samfura tun daga lokacin, kuma sun fi na baya. Amma abu biyu ba su sauya ba. Na farko, manhajar tana amfani da murya ɗaya ta tabbaci, ko ta dace ko ta kuskure, don haka mai karatu ba shi da alamar da zai bambance. Na biyu, hoto ɗaya da aka tura sau biyu zai iya dawowa da amsa biyu mabambanta, musamman idan an sauya yadda aka yi tambayar. Wanda ya rubuta cewa yana tsoron tibi ya riga ya karkata amsar zuwa tibi.

Abin da likitan hoto yake yi, mataki mataki

A ƙaddara, domin misali, wani manomi ɗan shekara 45 daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Gagarawa. Ya yi mako uku yana tari, yana gumi da dare, ya rame. An tura shi hoton ƙirji. Ga abin da likitan hoto zai yi da wannan hoto.

Zai fara da tabbatar da suna da kwanan wata, sa'an nan ya nemi alamar da mai ɗaukar hoto ya sa, harafin L ko R, wadda ke nuna hagu da dama. Wannan ba ƙa'idar banza ba ce. Fim abu ne da haske ke ratsawa, ana iya riƙe shi a juye ba tare da an lura ba, kuma kyamarar gaba ta wasu wayoyi tana juya hoto kamar madubi. Ruwan da ke huhun dama zai iya komawa na hagu a idon manhaja.

Daga nan zai tambayi ingancin hoton kansa. Ta baya aka ɗauka mara lafiya yana tsaye, ko ta gaba yana kwance? A hoton da aka ɗauka ta baya, zuciyar da faɗinta ya wuce rabin faɗin ƙirji alama ce ta kumbura. A wanda aka ɗauka ta gaba, zuciya lafiyayya ma takan fito da girma, don haka wannan ma'auni ba ya aiki. Zai ƙirga haƙarƙari domin sanin ko mutumin ya ja numfashi sosai: a hoto mai kyau ana ganin kusan shida ta gaba a saman tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Idan numfashin bai cika ba, jijiyoyin jini suna cunkushewa a ƙasan huhu, su yi kama da nimoniya. Zai kuma duba ƙasusuwan nan biyu da suka gitta daga ƙasan wuya zuwa kafaɗa, ya ga ko nisansu da ƙashin baya ɗaya ne. Idan ba ɗaya ba ne, mutumin ya karkace lokacin ɗauka, kuma huhu ɗaya zai fi ɗan uwansa duhu ba tare da wata cuta ba.

Sai bayan wannan ne zai bi hoton daki-daki, kuma zai koma da gangan wuraren da cuta ta saba ɓuya: ƙololuwar huhu a bayan waɗancan ƙasusuwa na wuya, bayan zuciya, da kusurwoyin ƙasa inda ruwa ke fara taruwa. A hoton da aka ɗauka daga fuska, sai ruwan ya kai wajen mililita 200 kafin kusurwar ta fara dushewa. Idan yana shakka, zai nemi a ƙara ɗaukar wani ta gefe, inda ruwa kaɗan ma ke nunawa.

A ce ya ga farin tabo a saman huhun dama na manomin. Nan ne aikin gaske yake farawa, domin wannan tabo ɗaya yana iya zama abu huɗu: tarin fuka mai ci yanzu, tabon tsohon tarin fuka da ya warke, nimoniya, ko ciwon daji. Hoto shi kaɗai ba ya raba su. Likita zai nemi sanin ko mutumin ya taɓa shan maganin tibi, ko yana shan taba, ko ya yi aikin fasa dutse ko haƙar ma'adinai, ko akwai tsohon hoto da za a kwatanta. Tabon da bai sauya ba cikin shekara biyu labarinsa daban da wanda ya fito cikin wata biyu. A ƙarshe zai rubuta abin da ya gani, da abin da yake zato, da gwajin da ya kamata a yi, ya sa hannu.

Yanzu a ƙaddara ɗan manomin ne ya ɗauki hoton fim ɗin da waya ya tura wa manhaja. Kuskure biyu na iya faruwa, kuma kowanne yana da farashi. Idan ta ce ƙirjin lafiya lau, domin tabon ya ɓuya a bayan ƙashi ko ya dushe, iyalin za su koma kantin magani su sayi maganin tari. Mutumin zai ci gaba da kwana ɗaki ɗaya da iyalinsa, ya je masallaci, ya shiga motar kasuwar Maigatari ranar Alhamis, yana yaɗa ƙwayar cutar. Idan kuma ta ce tibi ne alhali daji ne ko tsohon tabo, za a ɓata watanni ana bin hanyar da ba ta ɓullewa. Ƙari a kan haka, masu ɗauke da cutar ƙanjamau da garkuwar jikinsu ta yi rauni suna iya kamuwa da tarin fuka hoton ƙirjinsu ya fito kamar babu komai. Likitan da ya san tarihin mara lafiya ba zai yarda da irin wannan hoto ba.

To, na'urorin da ake yawo da su a ƙauyuka fa?

Mai karatu zai iya cewa ai ana amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen duba hoton ƙirji a Najeriya. Haka ne, kuma bambancin da ke tsakanin wannan da manhajar hira shi ne zuciyar maganar.

A watan Maris na 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajojin kwamfuta na musamman wajen tace hoton ƙirji domin neman tarin fuka a tsakanin masu shekara 15 zuwa sama. Ta yi haka ne bayan an gwada guda uku, CAD4TB da qXR da Lunit INSIGHT CXR, aka kwatanta su da masu karatun hoto da kuma sakamakon gwajin ƙwayar cuta. A Najeriya, ƙungiyar KNCV ta yi amfani da motoci da ƙananan na'urorin eksire na tafi-da-gidanka masu ɗauke da CAD4TB a jihohi da dama, ciki har da Kano da Katsina.

Irin wannan manhaja aiki ɗaya aka gina ta domin shi. Tana karɓar hoton asali kai tsaye daga na'ura, ba hoton waya ba. Ba ta rubuta labari. CAD4TB maki take bayarwa daga 0 zuwa 100, kuma masu shirin ne ke tsayar da iyakar da za a ce daga nan sai an yi gwaji, gwargwadon yanayin al'ummar da ake aiki a cikinta. Hoto ɗaya, a samfuri ɗaya, maki ɗaya yake samu kullum. Wanda makinsa ya haura iyaka ba a ce masa yana da tibi, ana karɓar kakinsa ne a kai na'urar GeneXpert, wadda ke neman ƙwayar cutar da kanta, ta kuma nuna ko tana bijire wa maganin rifamfisin.

Lissafi zai nuna dalilin wannan taka-tsantsan. Mafi ƙarancin mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa gwajin tacewa a 2014 shi ne ya kama kashi 90 na masu cutar, ya kuma wanke kashi 70 na marasa ita. A ce an duba mutum 1,000 a wata kasuwa, goma daga cikinsu suna da tibi. Na'urar da ta cika wannan mizani daidai za ta kama tara, ɗaya ya kuɓuce. Daga cikin 990 da ba su da cutar, za ta ɗaga wa 297 tuta. Ke nan a cikin mutum 306 da aka ware, tara ne kawai masu cutar. Idan manhajar da aka gina musamman, aka gwada, aka auna kuskurenta, ba ta yanke hukunci sai da gwajin kaki, ina ga wadda ba a san yawan kuskurenta a kan hoton waya ba?

Wa zai amsa idan an yi kuskure?

Akwai kuma batun alhaki. Likitan hoto ya yi shekara shida a makarantar likitanci, ya yi shekarar horon asibiti, sa'an nan ya shafe wasu shekaru yana ƙwarewa a wannan fanni kafin ya ci jarrabawar kwalejin ƙwararru. Yana da rajista da hukumar MDCN mai kula da likitoci, wadda ke da ikon bincike da ladabtarwa idan an kai ƙara. Shi ma ma'aikacin da ke ɗaukar hoton, wanda aikinsa daban ne da na likitan, yana ƙarƙashin tasa hukumar rajista, RRBN. Rahoton da aka sa wa hannu yana da mai shi. Amsar manhajar hira ba ta da wanda za a kira, kuma sharuɗɗan amfani da kamfanonin ke sa mutum ya amince da su sukan bayyana cewa amsar tana iya zama kuskure.

Ga kuma sirri. A gefen fim ana rubuta sunan mara lafiya, da shekarunsa, da sunan asibiti. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman. Ma'aikacin lafiyar da ya tura hoton mara lafiya ga manhajar wani kamfani a ƙetare ba tare da izininsa ba ya jefa kansa da asibitinsa cikin matsalar doka.

Abin yi ga mai fim a hannu

Wanda aka ɗauka hoto ya tambayi rubutaccen rahoto, da sunan wanda ya rubuta. Idan babu likitan hoto a wurin, ya koma da fim ɗin ga likitan da ya tura shi, domin shi ne ya san tarihin ciwon, kuma shi ne zai iya neman ra'ayin ƙwararre a Dutse, ko Birnin Kudu, ko Kano. Inda na'urar ta zamani ce, a roƙi a kwafa hoton asali a faifai ko filashi, domin shi ƙwararre zai fi son gani. Tsofaffin hotuna kuma a adana su a ambulan ɗinsu, nesa da rana da danshi, a riƙa zuwa da su duk lokacin da za a yi sabo.

Wanda ya yi mako biyu ko fiye yana tari ba ya buƙatar jiran fassarar hoto kafin ya nemi gwajin kaki. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware, kuma akwai layin 3340 da ake kira kyauta domin neman bayani. Maganin nau'in da aka saba gani wata shida ne. Idan akwai aman jini, ko numfashi na sarƙewa, ko ciwon ƙirji mai tsanani, asibiti za a nufa nan take, ko da wani ya ce hoton lafiya yake.

Nauyi mafi girma yana kan hukumomi. Tunda hoton zamani fayil ne, ana iya tura shi cikakke ta intanet daga babban asibitin Gumel ko Haɗeja zuwa ga likitan hoto a Dutse ko Kano, rahoto ya dawo da sa hannunsa ba tare da mara lafiya ya hau mota ba. Wannan yana buƙatar na'ura mai aiki, da wutar lantarki, da layin intanet, da yarjejeniyar biyan ƙwararrun da za su karanta. Muddin mutumin Gagarawa yana fita daga ɗakin hoto da fim ba tare da rahoto ba, zai nemi wanda zai karanta masa, kuma wayar da ke aljihunsa ce ta fi kusa.